Hukuncin wasan zagin ƙarya da yara ke ƙirƙira da kalmomin da ba su da ma'ana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a nan Garwa. Yarana sun fara kwaso ashar daga titi da lekol, sai babbar 'yata ta fito musu da wani wasa: bayan cin tuwon dare su zauna su riƙa "zagin" juna da kalmomin da suka ƙirƙira. Wannan ya ce, "Ke cakwankwali, mai ɗinka riga da kwali," waccan ta rama, "Kai dambarushe, mai noman taushe." Wanda ya kasa ramawa ya faɗi. Ashar ya ragu a gidan. Amma surukata ta ce zagi zagi ne ko da wasa. Kuma akwai kalma ɗaya, "tumbulutu", da ta manne wa ƙaramin ɗana, har yaran maƙwabta suna kiransa da ita a makarantar allo. In hana wasan ko in bar su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya shirya miki zuri'a. Wasan halal ne bisa sharuɗɗan da zan faɗa, amma "tumbulutu" ta fita daga wasa, wajibi ne a kanki ki tsayar da ita. Na ce a kanki ne domin yaron da bai balaga ba an ɗauke masa alƙalami, hukuncin yana kan mai tarbiyya.

Surukarki tana da madogara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi (SAW) ya ce zagin Musulmi fasiƙanci ne. Sai dai zagin da shari'a ta hana shi ne a jingina wa mutum aibi ko a ƙasƙantar da shi da maganar da ke cutar da shi. "Cakwankwali" ba ta ɗauke da wani aibi, kuma ɗinka riga da kwali ba abin gori ba ne a wurin kowa. Maganar ta sa rigar zagi ne kawai, cikinta raha ce. Ba ta kuma shiga hadisin da ya yi narko ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya ba, domin ƙarya ita ce ba da labarin da ake so a gaskata, alhali ko jinjiri ya san ba a noman taushe.

Sunna ma ta nuna mana wasa da yara ta hanyar lafazi. Anas ɗan Malik yana da ƙane mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) yakan ce masa, "Ya Aba Umair, ma fa'alan nugair?" wato ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi? Ki lura da yadda ƙarshen kalmomin ya dace, irin karin da yaranki ke nema. Wanda ya fi kusa da mas'alarmu shi ne hadisin Abu Huraira: Annabi (SAW) ya je ƙofar ɗakin Nana Faɗima yana neman Hasan, yana cewa, "A samma luka'u?" Kalmar luka'u idan aka jefi babba da ita ƙasƙanci ce, amma a nan tana nufin ɗan ƙaramin nan, kuma da Hasan ya fito a guje sai ya rungume shi ya sumbace shi. Ashe abin dubawa shi ne manufar mai magana da yadda maganar ta sauka a zuciyar wanda aka yi wa.

A nan ne "tumbulutu" ta faɗi. Ki sake saurarenta, za ki ji "tumbi" a cikinta. Idan yaron yana da ɗan ciki, to kalmar tana da ma'ana, an dai lulluɓe ta ne. Ko da ma a ce ba ta da ita tun farko, yanzu ta samu, domin ta zama sunan mutum ɗaya, ta bar tabarmar wasa ta bi shi har gaban malaminsa, inda ba shi da damar ramawa. Wannan shi ne abin da Allah ya hana a Suratul Hujurat, aya ta 11: "wa la tanabazu bil alƙab", kada ku jefi juna da miyagun laƙubba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a unguwanninmu akwai dattawan da har suka yi furfura ana kiransu da sunan da aka liƙa musu suna yara, kuma ba su taɓa sonsa ba. Kada ki jira sai ya yi kuka. Alamun sun isa: ya daina ramawa, ko dariyarsa ta zama yaƙe, ko ya tashi ya koma ɗaki da an fara, ko ya rama da duka. Ki tara yaran ki ce wannan kalma ta mutu, ki je ki gaya wa iyayen maƙwabta cikin lumana, ki kuma roƙi malamin allo ya riƙa kiransa da sunansa na yanka a gaban ɗalibai.

Don kada a maimaita, ki kafa musu doka ɗaya mai sauƙi: kowace kalma sau ɗaya ake amfani da ita, gobe sai an ƙirƙiro sabuwa. Kalmar da ba a maimaita ba ba ta zama laƙabi. Sannan jelar da ake ɗora wa kalmar ta kasance aikin da ba ya yiwuwa, kamar ɗibar ruwa da rariya. Kada ta taɓa halittar jiki, ko in'ina, ko fitsarin kwance, ko ƙabila, ko wani abu na addini. Ambaton uwa da uba kuwa ba ya shiga ko kaɗan, ko da an ce "ɗan cakwankwali", domin wannan shi ne ainihin ginin ashar ɗinmu, harshe zai saba da shi. Hadisin Abdullahi ɗan Amr ya lissafa cikin manyan zunubai mutum ya zagi uban wani, wancan kuma ya rama ya zagi uban mai zagin.

Akwai wani sharaɗi da ya shafe mu mazauna wannan yanki musamman. Yaro a Garwa ko Marwa yana jin Fulatanci a kasuwa, Faransanci a aji, Hausa a gida, in ya je Kusuri ko Njamena ga Larabcin Shuwa. Abin da ke shirme a kunnenki yana iya zama batsa tsagwaronta a wani yare, kuma yara sun san wannan dabara, sukan shigo da zagin gaske su ce ƙirƙira ce. Sahabbai sun kasance suna ce wa Annabi (SAW) "ra'ina" da kyakkyawar niyya, Yahudawan Madina kuma suna karkata ta zuwa zagi, sai Allah ya hana kalmar a Suratul Baƙara, aya ta 104. Imam Ƙurɗubi ya kafa hujja da wannan aya kan toshe kafar ɓarna, wanda asali ne a mazhabar Imam Malik. Don haka duk kalmar da yaro ya zo da ita daga waje ba ta shiga, sai wadda aka haɗa nan take a gabanki. Idan wata ta sa manyan yaran kallon juna suna ƙunshe dariya fiye da kima, ki tambayi maƙwabciya mai jin yaren.

Wasan ya tsaya tsakanin yaran da suka yarda da shi. Ba a yi wa malami ko baƙo. Tsakanin jika da kaka akwai barkwanci a al'adarmu, amma tunda surukarki ba ta so, kada a yi da ita, kuma ya fi kyau a ɗaga mata a daina yi a gabanta. Ina kuma ba ki shawara ki daina kiransa "zagi" a bakinki, ki ce wasan kari, don kada ƙananan su tashi da tunanin cewa akwai zagin da uwarsu ta halatta. Idan kin bi waɗannan kika ga ashar na gaske yana dawowa ta ƙofar wasan, to ya zama hanyar haram, sai ki rufe shi gaba ɗaya.

Wallahu a'alam.