Auta, cire masu surutu ka bar aikin ya yi magana

Auta ya turo a gurup ɗin gida: "Yaya, don Allah duba min wannan kafin in ɗora a sitatus. Umma ta ce da fariya a ciki, ni kuma ba na son ɓoye farin cikina: 'Daga ƙarshe dai! Na zama ma'aikacin banki. Ba ubangida, ba hanya, ƙwaƙwalwata ce ta kai ni. Masu cewa ba zan kai labari ba, yau ina kuke?'"

Amsar Yaya, daga saƙon murya:

Assalamu alaikum. Auta, barka, barka dai! Allah Ya sanya alheri, wallahi tun safe bakina ya ƙi rufuwa. To ka ga, Umma ta yi gaskiya, amma ba cewa ta yi ka yi shiru ba. Faɗin ni'ima ai halal ne, ayar ƙarshe ta Suratud Duha, aya ta 11, cewa ta yi ka ba da labarin ni'imar Ubangijinka. Abin dubawa shi ne, wa ka jingina wa ni'imar?

Nan ne maganar ƙwaƙwalwar nan ta dame ni. Ka tuna Ƙaruna a Suratul Ƙasas, aya ta 78, da aka yi masa nasiha kan dukiyarsa sai ya ce ai saboda ilimin da yake da shi aka ba shi. Na san ba haka kake nufi ba, so kake a san ba cuwa-cuwa aka yi maka ba, kuma wannan abin alfahari ne. Sai dai mai karatu ba ya ganin zuciyarka, rubutun kawai yake gani. Sannan ka yi tunanin yadda Kawu zai ji in ya karanta "ba ubangida", shi da ya biya maka kuɗin rajista a aji uku, ko abokinka da ya turo maka sanarwar ɗaukar aikin. Hadisin Abu Dawud da Tirmizi ne, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Hanya kam ba a yi maka ba, amma an tallafe ka.

Shi kuwa layin ƙarshe, habaici ne tsagwaronsa, goge shi gaba ɗaya. Mutum biyu ko uku ne suka faɗa maka magana marar daɗi, sai ka ba su rabin sanarwarka? Sauran mutane kuma kowa ya koma yana tambayar kansa ko da shi kake. A cikin masu ganin sitatus ɗinka akwai waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare, har yau takardunsu na cikin jaka.

Amma kada ka zarce ɗaya ɓangaren, irin su "ɗan ƙaramin aiki ne na samu" ko "ni da ban cancanta ba". A'a. Ka cancanta, kuma mutane suna gane ƙanƙan da kai na ƙarya, su ce yabo kake nema. Alfaharinka ka zuba shi cikin abin da ya faru a zahiri: me ka karanta, ina ka zauna kafin nan, wane mataki ka tsallake. In ka ce ka zauna jarrabawa ka yi intabiyu aka ɗauke ka, duk mai hankali ya fahimci ba hanya aka bi ba, ba sai ka furta ba.

Bari in karanto maka yadda zan rubuta, sai ka mayar da shi bakinka:

"Alhamdulillah. Bayan karatun akanta, bautar ƙasa, da zaman shagon cirar kuɗi ina jira, Allah Ya ba ni aikin banki. Na zauna jarrabawa, na yi intabiyu, aka ɗauke ni, kuma ina matuƙar farin ciki. Na gode wa Umma, Kawu da duk wanda ya sa ni a addu'a. 'Yan uwana masu nema, Allah Ya kawo naku nan kusa. Ku taya ni da addu'ar riƙe amana."

Ka ji? Shagon nan kada ka cire shi don kunya, shi ne ya fi komai nauyi a rubutun.

Sai hoto. Don Allah kada ka ɗora takardar ɗaukar aiki, albashinka na jiki, haka ma katin shaidar ma'aikaci, 'yan damfara na amfani da irinsu. Kuma tunda akwai watannin gwaji kafin a tabbatar da kai, ka bar sunan bankin tukuna, ka fara tambayar ofishin kula da ma'aikata dokarsu kan ɗora abubuwa a kafafen sada zumunta. Sa hotonka na Sallah da farar shaddar nan ya isa. Kafin ka ɗora kuma ka kira Kawu ka faɗa masa da bakinka, kada ya tsinci labarin a waya.