Masarata ta yi hunhuna a sito, in gauraya ta da sabuwa?

"Malam, ƙanena ke saro min masara da gyaɗa a Dawanau. Tun Oktoba na jibge buhu 200 na masara a sitona na Agege, ina jiran farashi ya tashi. Yanzu masu haɗa abincin kaji sun ƙi saya, wai akwai aflatoksin. In sake shanya ta ne, ko in gauraya da sabuwa?"

Alhaji, kada ka gauraya. Aflatoksin, wato gubar da hunhunar nan ta zuba, ba ta fita da rana, ba ta fita da dafuwa ko suya. Hanta take ci, kuma a Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masara. Wanda zai sha kokon ɗan wani ne.

Kuskurenka na farko: ƙanenka ya ce "ta bushe", kai kuma ka ce to. Wa ya auna? Masarar Oktoba sabuwar girbi ce, sau da yawa danshinta na kai kashi 18 cikin ɗari, alhali ta ajiya ba ta wuce 13. Ɓararriyar gyaɗa ma sai ta sauko wajen 7. Lissafa da kanka: buhu mai kilo 100 da ke kan 18, idan ya bushe zuwa 13, kilo shida ya tafi. A buhu 200, ka biya kuɗin buhu 12 na ruwa zalla, ka kuma biya masa kuɗin tirela.

Sannan ka sauke ta a Legas. Naman gwarin da ke kawo hunhunar nan, Aspergillus flavus, zafi da laima yake so, ga shi nan garin kullum gumi ake yi. Hatsi yana shan danshin iska kamar yadda gishiri ke yi. Idan buhu na kan siminti, jingine da bango, ga ƙwari sun huda ƙwayar, to ka buɗe masa ƙofa. Ni ma na taɓa ajiye gyaɗa a wani sito da rufinsa ke ɗiga. Buhunan gaba lafiya lau, na zura hannu tsakiyar na baya sai na ji ɗumi, ƙwayar ta dunƙule, da wata ƙura kore-kore mai warin ruma. Rabi na zubar. Amma kada ka dogara da ido, ƙwaya na iya yin kyau tana ɗauke da gubar.

Yanzu ware buhunan jikin bango da na ƙasa, ka kai samfur daga sauran a gwada kafin ka sayar wa kowa. Gaba kuwa, saya wa ƙanenka na'urar auna danshi, ya riƙa turo maka lambar kafin a ɗinke buhu. Idan babu, ya zuba ƙwayar da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ya girgiza: gishiri ya manne a jiki, ba ta bushe ba.

Jiran farashi kuma a arewa ake yinsa, cikin hunturu, buhu kan katako nesa da bango. Legas ka riƙa kawo abin da zai ƙare cikin 'yan makonni.