Hukuncin jinkirin kuɗin hannun jari bayan an ƙulla ciniki

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato. Ranar Alhamis na sayar da hannun jari 10,000 na wani kamfani a kan naira 50 kowane ɗaya, nan take waya ta nuna ciniki ya faɗa, amma naira 500,000 ɗin ba ta tabbata tawa ba sai Litinin. Ɗana ya ce a kirifto ko minti ɗaya ba a yi. Shin wannan jinkiri bai mai da cinikin sayar da bashi da bashi ba? Kuma wanda ya saya, zai iya sayarwa kafin a damƙa masa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Alhaji, ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa, saboda haka bari mu fara da abin da ya faru tsakanin Alhamis da Litinin.

Saƙon da ka gani a waya labari ne cewa na'urar kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas ta haɗa farashin da ka nema da tayin wani mai saye. Daidai yake da lokacin da mai sa a Kara ya ce "na sallama": ciniki ya ƙullu, ba mai janyewa, amma igiya tana hannun mai sa, kuɗi kuma suna aljihun mai saye. Daga nan sauran aiki biyu. Na farko lissafi ne na gano wa ke bin wa nawa. Na biyu miƙa kaya da karɓar kuɗi, kuma kamfanin CSCS, wanda tun 1997 yake riƙe da rajistar masu hannun jari, shi ne ke cire hannayen daga sunanka ya rubuta su da sunan mai saye a daidai lokacin da bankuna ke tura kuɗin, don kada ɗaya ya bayar ɗaya ya riƙe.

A wurin lissafin nan ne jinkirin ya samo asali. Ba a biyan kowane ciniki shi kaɗai. A ce a ranar Alhamis ɗin mutanen dillalinka sun sayar da hannaye 30,000 na wannan kamfani, har da naka, wasu mutanensa kuma sun sayi 25,000. Idan an tashi kasuwa sai a cire wannan daga wancan, ya zama 5,000 kawai dillalin zai fitar waje, ya karɓi kuɗinsu naira 250,000 idan farashin duk 50 ne, sauran kuwa tsakanin mutanensa za a daidaita su. Wannan ragewa tana sauƙaƙa kuɗin da dole su motsa ƙwarai, amma ba ta yiwuwa sai an jira cinikin yini ya taru. Bayan haka bankuna suna da ranakun aikinsu, mai saye daga ƙasar waje yana buƙatar ya canja dalarsa zuwa naira, kuma idan wani dillali ya yi kuskuren lamba ana son a gano kafin dukiya ta sauya hannu. Alamar T+2 da kake gani tana nufin ranar ciniki da kwana biyu na aiki: Juma'a ɗaya, Litinin biyu, ba a ƙirga Asabar da Lahadi. Da kwana uku ne a Nijeriya, aka rage zuwa biyu a ƙarshen Nuwamban 2025, Amurka kuwa ta koma kwana ɗaya tun Mayun 2024.

Ɗanka ya faɗi gaskiya game da sauri, sai dai akwai abin da ya bari. A manhajar cinikin kirifto kowa yana zuba kuɗinsa ko kiriftonsa a hannun kamfanin tun kafin ya taya, don haka idan ciniki ya faɗa, kamfanin lamba kawai yake sauyawa a littafinsa, babu abin da ya fita daga gidansa. Damƙawa ta haƙiƙa ita ce ranar da mutum ya kwashe abinsa zuwa asusun da shi ke riƙe da mabuɗinsa, kuma a Bitkoyin ana rubuta sabon shafi ne a littafin cinikinsa duk bayan kimanin minti 10, masu taka-tsantsan sukan jira shafi shida, wato kusan awa guda, kuma idan aka tura ga adireshin da ba shi ba, babu mai dawo da shi. Lokacin da kamfanin cinikin kirifto na FTX ya durƙushe a Nuwamban 2022, mutane suna ganin dukiyarsu a waya amma ba su iya cire ta ba. Saboda haka ba na ɗaukar saurin lamba a waya a matsayin hujjar cewa an karɓa a shari'a. Halaccin kirifto shi kansa malamai sun saɓa a kai, kuma ba shi ka tambaya ba.

To, cinikinka ingantacce ne, kuɗin kuma halal ne, muddin sana'ar kamfanin ta halal ce. Bashi da bashi da aka hana shi ne kowane ɓangare ya tafi da alkawari kawai a wuyansa. Kai kuwa abin da ka sayar yana nan rubuce da sunanka tun kafin ka nemi mai saye, shi ma mai sayen a al'ada ya riga ya ajiye kuɗinsa wurin dillalinsa, wanda wakilinsa ne. Babu ƙarin ko kwabo saboda kwanakin, ko farashi ya hau ko ya sauka ranar Juma'a 50 ɗin nan za a ba ka, bayan an cire la'ada da kuɗin hukuma. Jinkirin lokacin miƙawa ne da kasuwa ta saba da shi, kamar lokacin da ake ɗauka ana auna hatsi ana ɗinke buhu. Malamanmu na Malikiyya suna cewa abin da ya kusanci abu ana ba shi hukuncinsa, shi ya sa a Risala aka yarda a jinkirta kuɗin salam, wato cinikin da ake fara biyan kuɗi kafin a kawo kaya, kwana biyu ko uku. Na kawo wannan ne don a ga yadda mazhaba take kallon ɗan jinkiri, ba don cinikinka salam ne ba, balle a ce hutun ƙarshen mako ya ɓata shi. Sharaɗin hannu da hannu kuwa na musayar zinariya da azurfa da kuɗi ne, da kuma abinci da abinci, hannun jarin kamfanin da ke da masana'anta da kaya ba ya cikin wannan babi.

Tambayarka ta biyu ita ce ke da saɓani na gaske. Hadisin Ibn Umar ya hana wanda ya sayi abinci ya sayar kafin ya karɓe shi cikakke. Imam Malik ya tsayar da hanin a kan abinci, Imam Shafi'i ya game shi ga dukkan kaya, Imam Abu Hanifa ya cire fili da gida kawai. A mazhabarmu ke nan mai saye zai iya sayarwa ranar Juma'a ko da ba a rubuta sunansa ba tukuna, domin riba da asarar hannayen sun koma kansa tun ranar Alhamis, kuma haka hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idodin shari'a na harkar kuɗi, ta tafi a ƙa'idarta ta 21. Wasu malaman zamani sun ce sai ya jira an damƙa masa. Ni ina ganin halacci ya fi ƙarfi, wanda ya jira kuma ya fita daga saɓani, kuma kwana biyu ba su da yawa.

Abin da ba na ba da izininsa shi ne mutum ya fake da waɗannan kwanaki ya sayar da hannun jarin da bai taɓa saya ba, da nufin ya sayo da araha kafin ranar miƙawa. Wannan shi ne abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Hakim ɗan Hizam, wato sayar da abin da ba ya wurinka. Idan kuma ranar miƙawa ta wuce kuɗinka ba su iso ba, wannan ba jinkirin kasuwa ba ne, amana ce ta maƙale a hannun dillali: ka nemi takardar shaidar cinikin ka duba ranar da aka rubuta, ka nemi bayanin asusunka na CSCS, in hannayen sun fita kuɗi ba su shigo ba kana da haƙƙin kai ƙara ga hukumar da ke kula da kasuwar, wato SEC. Allah ne Mafi sani.