Kontabul ya maido mini da ambulan rasit: yaya zan jera kuɗin tafiyata?

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: Assalamu alaikum. Kamfaninmu ya tura ni Yawunde daga 10 zuwa 15 ga Maris, aka ba ni abans na sefa 150,000. Da na dawo na zuba rasit a ambulan na kai, kontabul ya ce ba zai karɓa ba sai da jadawali. Kuma kuɗin tasi da babur ba ni da takardarsu, wani aboki ya ce in sayi littafin rasit a kasuwa in cike da kaina. Ga hotunan takardun na haɗo. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Kontabul ɗinka yana kan gaskiya, kuma gyaran ba zai ci maka fiye da yamma ɗaya ba. Abin da yake nema shi ne kowane layi na jadawalin ya kasance da takardar da ke tsaya masa, kowace takarda kuma ta kasance da layinta, lamba ɗaya ta haɗa su. Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Kamaru da Chadi duka suke bi, ta wajabta wa kamfani ajiye takardun lissafinsa shekara 10. Wanda zai zo bincike bayan shekara uku bai san ka ba, bai san dalilin tafiyarka ba, takarda kaɗai zai gani. Saboda shi ake yin wannan tsari.

Ka fara da odar misiyon, takardar da shugabanka ya sa wa hannu ya tura ka. Ita ce ta yanke iyakar kwanakin da za a biya, don haka duk rasit da ke ɗauke da kwanan wata kafin 10 ko bayan 15 ga Maris zai jawo tambaya. Taka tana da hatimin ofishin da ka je a Yawunde, na isowa da na tashi, wannan ya yi kyau. Ita za ta zauna a saman tarin, jadawali a bayanta, sannan rasit.

Yanzu ka baje takardun a tabarma ko tebur, ka jera su bisa kwanan wata, ka rubuta lamba da biro a kusurwar kowace: 1, 2, 3. Daga hotunan da ka aiko, ga yadda jadawalinka zai kasance:

| Lamba | Rana | Abin da aka biya | Shaida | Sefa |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 10/03 | Mota, Garwa zuwa Ngaundere | tikiti | 5,000 |
| 2 | 10/03 | Jirgin ƙasa, Ngaundere zuwa Yawunde | tikiti | 17,000 |
| 3 | 11 zuwa 14/03 | Otal, kwana 3 a kan 20,000 | faktir | 60,000 |
| 4 | 12/03 | Buga takardun taro | rasit | 6,500 |
| 5 | 11 zuwa 14/03 | Tasi da babur | takardar bayani | 8,000 |
| 6 | 14/03 | Jirgin ƙasa, dawowa | tikiti | 17,000 |
| 7 | 15/03 | Mota, Ngaundere zuwa Garwa | tikiti | 5,000 |
| 8 | 10 zuwa 15/03 | Kuɗin abinci, yini 6 a kan 7,000 | odar misiyon | 42,000 |

Jimla ta kama 160,500. A ƙarƙashinta ka rubuta abans 150,000, sannan ragowar da kamfani zai cika maka, 10,500. Waɗannan layuka uku na ƙasa su ne mutane suka fi mantawa, alhali da su ne kontabul zai share sunanka daga cikin waɗanda kamfani ke bi bashi. Muddin ba a rufe abans ba, a littafinsa bashi ne a kanka, kuma a wurare da yawa ba za a ba ka na tafiya ta gaba ba, wasu ma daga albashi suke cirewa. Da jimlar ta gaza 150,000, sai ka mayar da canjin ga mai ajiyar kuɗi ka karɓi takardar shaida a hannunsa. Idan a kwamfuta kake yi kuma Excel ɗinka na Faransanci ne, ka shigar da adadin ba tare da waƙafi ba, kamar 5000, sannan ka bari ita ta haɗa lissafin:

```
=SOMME(E2:E9)
```

Layi na 3 yana buƙatar a tsaya a kansa, don a nan ne takardunka suke da tarko. Faktir ɗin otal ɗinka ya nuna 64,500, ba 60,000 ba, saboda an haɗa da wankin kaya da lemo na 4,500. Tunda kamfaninku yana ba da kuɗin abinci a dunƙule kowace rana, ba zai sake biyan waɗannan ba. Kada ka goge komai a kan faktir, kada ka yi masa gyara da biro. Ka rubuta 60,000 a jadawali, ka ƙara gajeren bayani a gefe cewa 4,500 na kanka ne ba ka nema. Haka kuma rasit ɗin gidan abinci guda biyu da ka aiko, ka ajiye su a gida. Wanda ya karɓi kuɗin yini sannan ya kawo rasit na abinci ya nemi abu ɗaya sau biyu ke nan, kuma da zarar kontabul ya ga haka zai fara zargin sauran layukan. Ka lura kuma kwana biyar ka yi a waje amma uku ne a otal, biyu a cikin jirgi ka yi su. Lissafin ya yi daidai da tikitin, shi ya sa ba za a yi gardama a kansa ba.

Faktir mai kyau yana ɗauke da sunan wurin da adireshinsa, lambar harajinsa da ake rubutawa NIU a Kamaru, lambar faktir, kwanan wata, bayanin abin da aka saya, da adadi. A kan na otal, a sa sunan kamfaninku tare da naka da ranar shiga da ta fita. Ka duba ko akwai hatimi ko rubutun da ke nuna an biya, domin faktir shi kaɗai yana iya nufin kuɗin da ake bi, ba wanda aka riga aka biya ba. A ƙasansa za ka ga adadi har uku: HT kafin haraji, TVA harajin, TTC duka a haɗe. TVA a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari, don haka kayan 10,000 HT suna zama 11,925 TTC. Na TTC za ka kwafa, shi ne ya fita daga aljihunka. Wanda ya kwafi na HT ya yi wa kansa asarar 1,925 a kan kowane 10,000.

Sai batun littafin rasit na kasuwa. Kada ka yi, Malam. Rasit da ka cike da hannunka da sunan wani jabu ne ko da adadin gaskiya ne, kuma ba shi da wuyar ganewa: rubutun hannu iri ɗaya, biro ɗaya, lambobin shafi suna bin juna alhali an ce mutane daban ne suka bayar a ranaku daban. Saboda sefa 8,000 mutum zai iya rasa aikinsa. Kowane kontabul ya san mai babur ba ya yawo da hatimi. Hanyar da ta dace ita ce ka ɗauki farar takarda ka rubuta cewa kai wane ka biya waɗannan kuɗaɗe a hannu ba tare da rasit ba, ka jera kowace zirga-zirga da ranarta da wurin tashi da wurin sauka: 11 ga Maris, tashar jirgi zuwa otal, 1,500, haka har su cika 8,000. Ka sa hannu, ka kai wa shugaban da ya tura ka shi ma ya sa. Kafin ka rubuta, ka tambayi kontabul ko akwai iyakar da suke karɓa ta wannan hanya, ko kuwa kuɗin yini ya riga ya ƙunshi zirga-zirgar cikin gari. In ya ƙunsa, ka cire layi na 5, jimla ta koma 152,500, ragowarka 2,500.

Tikiti na 1 ya fara dusashewa. Irin wannan siririyar takarda mai santsi da zafi ake buga ta, ba da tawada ba, kuma zafin Garwa a watan Maris yana iya shafe ta cikin makonni, musamman in an bar ta a mota ko a aljihu. Ka yi mata fotokofi yau, ka maƙala ta asali a gefen kofin da ƙusar takarda. Kada ka bi ta kan rubutun da salatif, gam ɗinsa yana cinye shi. Sauran ƙananan rasit ka maƙala su a kan farar takarda A4, biyu ko uku a shafi, yadda kowane adadi zai fito fili ba sai an ɗaga wani ba.

Rasit na 4 ka biya shi da Orange Money ne, ka kuma aiko hoton saƙon. Saƙon yana nuna kuɗi sun fita zuwa wata lamba, bai faɗi abin da aka saya ba, don haka ƙari ne a kan rasit, ba madadinsa ba. Tunda kana da rasit ɗin, ya wadatar.

In ka gama, ka sa hannu da kwanan wata a ƙasan jadawali, ka yi kofin tarin gaba ɗaya, ka roƙi wanda ya karɓa ya buga maka hatimin karɓa a kan kofinka. Kuma ka hanzarta, don kamfanoni da yawa suna da wa'adin kwanaki bayan dawowa.

Tambaya daga wata mai karatu a Kuseri: Za a tura ni Marwa kwana biyu. Akwai masaukin 8,000 da ba ya ba da faktir, akwai otal na 15,000 da ke bayarwa. Wanne zan kama?

Malama, amsar tana ga tsarin wurin aikinku, sai ki tambaya kafin ki tashi. Idan kuɗin yini da suke bayarwa ya haɗa da kwana, ba wanda zai nemi faktir, odar misiyon mai hatimi ta isa, kuma abin da kika rage naki ne. A nan ki zaɓa bisa tsaro da tsafta, ba bisa takarda ba.

Idan kuwa abin da aka kashe a zahiri suke mayarwa, ki kama na 15,000. Kwana biyu a can 30,000 ne kuma za su dawo miki cif. Kwana biyu a mai araha 16,000 ne da wataƙila ba za ki sake gani ba. Sai dai ki tabbatar 15,000 bai haura iyakar da aka yanke wa matsayinki ba. In iyakar 12,000 ce, 6,000 na kwana biyun daga jakarki za su fita, duk da haka ya fi asarar 16,000 sauƙi.

Ki nemi faktir tun lokacin da kike karɓar makulli, ki ba su sunan wurin aikinku a rubuce yadda yake a kan odar misiyon. Masu tafiyar asuba sukan tarar mai riƙe da hatimi bai iso ba, mota kuma ba za ta jira ba, don haka ki biya ki karɓi takardarki tun daren da za ki kwana na ƙarshe.