Gajeren rubutu a kan hoton Status: me ake ragewa, me ake bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake ɗora hotunan shagon ɗinkin yayana da ke Ƙofar Ƙaura a Status na WhatsApp. In na yi cikakken bayani sai rubutun ya rufe hoton, in na taƙaita kuma sai yayana ya ce maganar ta yi tsauri kamar ina ba mutane umarni. Wani lokaci har sanarwar rasuwa ni ake ba in ɗora. Yaya zan daidaita?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Yayanka yana da gaskiya, kuma abin da ya ji a rubutun yana da dalili. Idan mutum ya ga wuri ya yi masa kaɗan, abin da yake fara yankewa shi ne kalmomin ladabi, domin yana ganin ba su ɗauke da labari, ya bar bayanin abin da hoton ya riga ya nuna. Ni kuwa a shekarun da na yi ina shirya wa 'yan kasuwar garin nan irin waɗannan hotuna, abin da na tabbatar shi ne akasin haka ya kamata a yi: a zubar da duk abin da ido yake gani a hoton, a bar abin da hoton ba zai iya faɗa ba, tare da kalmar da ke nuna da wa ake magana kuma da wace murya.

Ka fara sanin girman filin da kake da shi. Hoton da ke cika fuskar waya a tsaye yana da faɗin 1080 da tsayin 1920 a ma'aunin pixel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, amma ba duka ne naka ba, saboda sunanka yana zaune a sama, wurin mayar da amsa kuma yana ƙasa. Ka bar kimanin 250 a sama da 250 a ƙasa babu rubutu, wato kimanin kashi ɗaya cikin takwas na tsayin a kowane gefe. Sannan hoton yana tsayawa ne kimanin daƙiƙa 5 kafin ya wuce, kuma ba kowa ne zai danne fuskar waya da yatsa don ya tsayar da shi ba. Saboda haka ni ba na wuce kalma 12 a layi uku, kuma kafin in ɗora sai na karanta da baki a natse. Idan ban gama ba kafin daƙiƙa 5, to rubutun ya yi yawa.

Bari mu ɗauki misali daga shagonku. A ce hoton shuɗiyar shadda ce da aka yi wa aiki a wuya, an rataye ta, kuma yayanka ya ce a rubuta: "Assalamu alaikum jama'a, muna farin cikin sanar da ku cewa mun kammala ɗinkin wannan kyakkyawar shadda shuɗiya, kuma duk mai buƙatar ɗinkin Sallah ya hanzarta kawo yadinsa kafin 15 ga azumi, domin daga ranar za mu rufe karɓar aiki." Launin shaddar, da kyanta, da cewa an gama ɗinka ta, duk hoton ya faɗe su, don haka sun fita. Abin da ya rage shi ne wa ake nufi, me ake so ya yi, da kuma rana. A nan ne mai gaggawa yake rubuta "Kawo yadi kafin 15 ga azumi", wanda a kunnen Bahaushe magana ce da ake yi wa yaron gida, alhali cikin masu kallon akwai dattawan unguwa da surukan yayanka. Ga yadda zan rubuta shi:

Masu ɗinkin Sallah,
a daure a kawo yadi
kafin 15 ga azumi.

Kalma 12 ke nan, kuma babu abin da ya ɓace. Layin farko ya maye gurbin doguwar gaisuwar, domin ya kira waɗanda maganar ta shafa. "A daure a kawo" ya mayar da umarni roƙo, kuma bai ware namiji ko mace ba, babba ko yaro. Ranar ta zo a ƙarshe ita kaɗai, inda ido zai tsaya a kanta. Ka lura kuma da inda na karya layukan, wato inda mai magana zai ja numfashi; idan ka bar wayar ta karya maka, za ta iya raba "15" da "ga azumi", mai karatu ya yi tuntuɓe. Lambar waya da kwatancen shago su tafi hoto na biyu, kada a cusa su a nan.

Sanarwar rasuwa ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan, kuma a kanta ba na yarda da sassauci ko kaɗan. A hoton mamacin ka sa "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" cikakke, sai sunansa tare da Malam ko Alhaji ko Hajiya kamar yadda aka san shi, sai addu'a guda ɗaya irin "Allah ya gafarta masa". Kada rubutu ya hau fuskarsa, kada a sa waƙa ko hoton fuska mai kuka, kada kuma a gutsure addu'a ko sunan Allah da sunan neman wuri. In wurin bai isa ba, ka ƙara hoto. Lokacin jana'iza da wurinta su zo a hoto na gaba, a kan farin fili ko baƙi, da manyan haruffa, domin mai neman wannan bayanin yana cikin sauri. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: hotunan suna bin juna ne har tsawon awa 24, don haka idan tallan shadda na jiya bai sauka ba, mai kallo zai fito daga farashi ya faɗa cikin ta'aziyya. Ka goge tallan tukuna, ka kuma dakata da sabo har washegari.

Hoton murna ya fi sauƙi. Dawaki a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ba sa buƙatar bayani, "Ta Dikko ɗakin kara" kaɗai ya wadatar, ko "Barka da Sallah".

Sauran matsalar ta gani ce. Farin rubutu a kan farar shadda ko sararin sama yana ɓacewa, musamman ga mai duba waya a cikin rana, don haka ka nemi wuri mai duhu a hoton, ko ka kunna bangon da manhajar ke sa wa a bayan rubutu. Ma fi kyau, tun wajen ɗaukar hoton ka bar fili a gefe ɗaya domin rubutun. Salon haruffa masu ado kuma sau da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan'uwansa ko ya zama akwati. Wasu kan guje wa wannan ta hanyar cire lanƙwasar, amma a gajeren rubutu babu jimlar da za ta gyara ma'ana: "baƙin yadi" zai koma "bakin yadi", mai saye ya zaci gefen yadi kake nufi. Ka zaɓi salo mafi sauƙi, kuma idan hoton a wata manhaja ka shirya shi, ka fara tura wa yayanka ya duba a wayarsa daga nesan hannu kafin ka ɗora wa jama'a.