Takardar mudir da alkawarin ɗan baffa

"Malam, ina aiki a wani kamfanin dafa wa alhazai abinci a Makka. Kwamitin sayayya ya duba tayin 'yan kasuwa uku na shinkafa buhu 2,000, ya fitar da rahoto shafi goma sha takwas, aka ce in taƙaita wa mudir, wato manajanmu, a shafi ɗaya. Wanda ya ci, ɗan baffana ne wakilinsu. A takardarsu sun rubuta kwana 21 su kawo kaya, amma ya rantse mini kwana goma ya ishe su. In rubuta goma? Kuma dole ne in ambaci dangantakarmu, alhali da gaskiya suka ci?"

Ɗan'uwa, rubuta 21. Rantsuwar da aka yi maka a waya ba ta cikin fayil, kuma mudir zai sa hannu ne yana ganin duk lambar da ke gabansa ta kwamiti ce. Taƙaitawa ba ta da ikon faɗin abin da rahoto bai faɗa ba. Ranar da ka sa "goma", ka tashi daga mai taƙaitawa ka koma mai tsaya wa ɗan kasuwa, da sunan mutanen da ba su aike ka ba.

Ba ina cewa ɗan baffanka maƙaryaci ba ne. Wakili ne kawai. Ba shi ke riƙe da makullin mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya, a Jidda ba, ba shi ke raba motoci ba, kuma idan Zulhijja ta matso, shiga Makka kanta sai da tasrihi, wato takardar izini. In da gaske goma za su iya, hanyar a buɗe take: kamfaninsu ya rubuto a takarda mai hatimi, ta shiga hannun shugaban kwamiti, kwamiti ya haɗa ta da rahoto, sannan a sa kwanakin a kwangila tare da tarar jinkiri. In ka faɗa masa haka ya fara "haba, tsakaninmu har sai an rubuta?", to ka sami amsarka.

Na san wani akawu a Jidda da ya yi irin wannan a kan na'urorin sanyaya ɗaki na wani masauki. Abokinsa ya ce masa garanti shekara biyu ne, takardar tayi ta ce ɗaya, shi kuma ya rubuta biyu. A wata na goma sha huɗu na'urori suka fara mutuwa a tsakiyar zafi. Mai masauki ya zaro takarda ya kira kamfani, kamfani ya zaro tasa. Babu wanda ya tuna da abokin. Sunan akawun ne a ƙasan shafi, shi aka sallama, ga iƙamarsa a hannun wurin aikin.

Batun dangantaka kuwa, hujjar da ka kawo ta ɓoyewa ita ce hujjar faɗa. Tunda da gaskiya suka ci, layi ɗaya ba zai kayar da su ba. Amma in mudir ya ji daga bakin wanda ya faɗi, kuma zai ji, don tsakanin Shari'a Mansur da Misfala babu Bahaushen da bai san ɗan wane ne wane ba, to cinikin da yake da tsabta ya zama abin zargi. Ka fara gaya wa shugaban kwamiti yau. In ya ce wani ya rubuta takardar, ka miƙa da hannu biyu. In kuma an yi maka maganar "ɗan wani abu" bayan an biya, ka cire wannan daga lissafi tun yanzu. Albashin shekaru ba a sayar da shi kan kamashon buhun shinkafa.

To, yadda shafin zai kasance. Kada ka bi rahoton daga farko: an zauna ranar kaza, an buɗe ambulan, wane ya halarta. Mudir ba tarihi yake nema ba. Layin farko shi ne abin da ake so ya yanke, da sunan wanda aka zaɓa, da kuɗin, da ranar da tayin zai ƙare. Sannan dalili. Nan ne mafi yawan masu taƙaitawa ke jefa mudir cikin ruɗu, don suna kwafo farashi yadda kowa ya rubuto shi ba tare da an daidaita su a ma'auni ɗaya ba.

Ba ka ba ni lambobinku ba, bari in ɗora misali. A ce na farko ya ce riyal 170 buhu, na biyu 180, na uku 205. Mudir na gani zai ce kwamiti ya zaɓi mafi tsada. Amma na 170 samfurinsa ya faɗi a gwajin girki, shinkafar ta caɓe a babbar tukunya, don haka bai ma shiga gasar farashi ba. Na 180 kuwa bai sa dariba ba, wato harajin VAT, wadda tun Yulin 2020 take kashi 15 cikin ɗari, kuma a Jidda zai ba da kaya. Da dariba ya zama 207, da mota da 'yan dako a ce riyal 4 kan buhu, 211 ke nan. Na 205 ya haɗa dariba da saukewa a ɗakin ajiyarku. A buhu 2,000, 422,000 ne da 410,000. Wannan lissafin duka jimla biyu ne a takarda, amma in babu su mudir zai mayar da fayil.

Ga yadda zan rubuta:

"Ana neman amincewarka a ba kamfani na uku kwangilar shinkafa buhu 2,000 kan riyal 410,000, har da dariba da kawowa Makka. Tayinsu zai ƙare ranar kaza. Tayi uku aka karɓa. Na farko ya faɗi a gwajin samfuri (rahoto, shafi na 7). Na biyu, in an haɗa dariba da sufuri, ya kai 422,000, wato ya fi da 12,000 (shafi na 11). Abin lura: za su kawo kaya cikin kwana 21 daga sa hannu, don haka in aka wuce ranar kaza ba a sa ba, kaya ba za su iso kafin alhazai ba. Marubucin wannan takarda ɗan'uwan wakilin kamfanin ne, kuma ya sanar da shugaban kwamiti."

Ka tabbatar kowace lamba tana da shafinta. In ka rubuta abu ka rasa shafin da za ka jingina shi, goge shi. In akwai ɗan kwamitin da bai yarda ba, a ce yana ganin 21 ya yi tsawo, ba shi layi ɗaya da dalilinsa. Ba aikinka ba ne ka share masa murya don shafi ya yi kyau. Haka in takardar zakkar wanda ya ci ta kusa ƙarewa, kwamiti ya ambata, ka ɗauko.

Kafin takardar ta hau tebur, kai wa shugaban kwamiti ya karanta ta kusa da rahoton, ya sa hannu a gefe. Kwafi ɗaya ya shiga fayil, ɗaya ka ajiye a wurinka.