Sai na mayar da duk takardata lokacin da ya wuce?

Tambaya: Malam, ina neman tallafin Chevening na karatu a Birtaniya, saura kwana kaɗan a rufe. Wanda ya duba min rubutuna na Ingilishi ya ce lokutan aikatau sun cakuɗe, in mayar da komai ya zama na abin da ya wuce. Hankalina ya tashi. In bi shawararsa?

Amsa: Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, amma kada ki bi. Kullum sai an kawo min takardar da masu "gyaran rubutu" na shagunan buga takardu suka lalata da wannan shawara. Sun ji an ce a riƙe lokaci ɗaya, sai su bi kowane aikatau su liƙa masa -ed, su karɓi kuɗinsu. Ƙa'idar gaskiya ita ce lokaci ɗaya ga zamani ɗaya, ba ga takardar gaba ɗaya ba.

Ga illar abin. A ce kin fara koyarwa a 2021 kuma har yau kina kai. Idan aka rubuta taught, kin shaida wa masu tantancewa cewa kin bar aikin, alhali takardar tarihin aikinki da wasiƙar shugaban makarantarku suna cewa kina nan. Ba za su kira ki su tambaya ba. Ko su ɗauka sakaci ne, ko su yi zargin wani ya rubuta miki. Abin da ya dace shi ne have taught since tare da shekarar da kika fara, domin aikin bai yanke ba. Ƙungiyar karatu da kika kafa a 2023 kuwa, kafawar ta wuce, sai ta zauna a lokacin da ya wuce har ƙarshen labarinta. To, cikin rubuce-rubuce huɗun da Chevening ke nema, akwai na shirin aikinki bayan kin dawo. Ta yaya mai hankali zai rubuta wannan kamar an riga an yi? A wannan sashen, kalmar will ce ke aiki.

Cakuɗewar da aka gani wataƙila gaskiya ce, kuma daga harshenmu take. Muna cewa "a 2022 ina koyarwa, sai na ga yara ba sa iya karatu", shekarar ta wadatar, aikatau bai canza ba. Ingilishi ba ya yarda da haka, shi ya sa hannu ke zamewa a tsakiyar labari.

Ki buga takardar, ki ɗauki biro kala uku, ki karanta don aikatau kaɗai. Ki zagaye kowanne da kalar zamaninsa: jiya, yau, gobe. Duk inda kala ta sauya, ki duba ko akwai shekara ko wata kalmar lokaci da ta ba da izini. In babu, nan ne kuskuren, shi kaɗai za ki taɓa.